Notis na barin aiki: takarda mako biyu, kundin kamfani wata uku, doka wata ɗaya

Direba, Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata shida ina tuƙi a wani kamfanin rarraba kaya. An sallame ni ba tare da wani laifi ba, aka ba ni kuɗin mako biyu a madadin notis, wai haka takardar ɗaukata aiki ta ce. To amma kundin ma'aikata wata uku ya rubuta. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Mai gadi, Zariya: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, abin da ka sa wa hannu shi ke ɗaure ka. Ni ma haka aka yi min, na karɓa na bar wa Allah.

Jami'ar kula da ma'aikata, Kaduna: Baba, gaskiyarka rabi ce. Takarda tana ɗaure mutum, amma ba ta isa ta sauka ƙasa da abin da doka ta gindaya ba. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya tsara notis gwargwadon daɗewa a aiki, kuma daga shekara biyar zuwa sama wata ɗaya ne. Mako biyu na wanda ya yi shekara biyu zuwa ƙasa da biyar ne. Malam direba, kana bin su cikon mako biyu ko da babu kundin nan. A wurinmu mun sha cin karo da tsofaffin takardun da ba a sabunta ba, ma'aikaci ya daɗe amma notis ɗinsa yana nan yadda aka rubuta ranar farko.

Akanta, Abuja: Hajiya, ni da na kawo wannan sashe sai lauya ya ce bai shafe ni ba. Dokar ta cire manajoji da ƙwararru irinmu, ta fi karkata ga masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis. Takardata ce ta yi hukunci.

Malamin makaranta, Katsina: Ai kuɗin fansho ba ya ɓata, ka je wurin kamfanin fanshonka.

Direba: Malam, ba fansho nake nufi ba. Wata ukun fa, Hajiya?

Jami'ar: Nan ne gardamar take. Buɗe takardarka, ka duba sakin ƙarshe kusa da inda ka sa hannu. Idan ta ce aikinka yana ƙarƙashin sharuɗɗan kundin ma'aikata, kundin ya shiga yarjejeniya, kana da hujjar kaiwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Sai dai kamfani zai ce takardarka ta ambaci adadi ƙarara, ita za a bi. Kuma ka sani, a lissafin doka ba a haɗa alawus da kuɗin ƙarin lokaci cikin kuɗin madadin notis.

Direba: Na duba. Ta ambaci kundin, amma na shekarar da aka ɗauke ni, kuma an canza shi daga baya. Gobe zan nemi tsohon wurin wani abokin aikina.