Gabatar da baƙo a taro: me kuke faɗa bayan sallama?

Ƙanenku na Tawa: Yayyena, ranar Asabar zan gabatar da wani dattijo manomin albasa daga Galmi a taron ƙungiyarmu. Duk taron da na je abu ɗaya nake ji: "farin cikina ba zai misaltu ba", "ba tare da ɓata lokaci ba", "baƙonmu ba ya buƙatar gabatarwa". Kafin a kai ga sunansa mutane sun koma kan wayoyinsu. Ku yaya kuka yi da ba a ga rashin ladabinku ba?

Tsohon ɗan rediyo: Ƙanena, raba abin biyu. Sallama, laƙabin mutum da jerin manya bisa matsayinsu haƙƙi ne, ba a taɓa su. Abin da ya tsufa shi ne cikon da ke biyo baya, kuma gane shi ba wuya: in jimlar za ta hau kan kowane baƙo, cire ta. Ni nakan zauna da baƙon tun kafin taro, in tambaye shi aikin da ya fi alfahari da shi. Na taɓa gabatar da wani manomi haka: "Assalamu alaikum. Lokacin da muke karyar da albasa a kakarta, Alhaji yakan zuba tasa a rudu ya jira kuɗinta. Yau zai gaya mana yadda yake hana ta ruɓewa. Alhaji, bisimilla." Wurin ya yi tsit, don kowa na da albasar da ta taɓa ruɓe masa.

Ɗalibin jami'a: Ni dai na ce a zubar da gaishe-gaishen duka, a shiga magana kai tsaye. Haka muke yi a aji.

Malamar lakwal: Ɗana, aji daban, gaban hakimi daban. Na ga yaron da ya tsallake liman a wajen rabon kyaututtuka, har yau shi ake tunawa, an manta jawabin. Ka ƙara da wannan: kada sabon salo ya kai ka ga tona abin da baƙon bai so. Wata an buɗe da cewa ta fara da tallan ƙosai, ta ji kunya ƙwarai. Karanta masa jimlar tukuna, ya yarda.

Mai neman aiki: Ni ma na cire "bayan gaisuwa mai yawa" a takardar neman aikina, shiru har yanzu. Ko shi ya jawo?

Tsohon ɗan rediyo: Takardar ofis tana da ƙa'idarta, bi ta yadda take. Malama, ni inda nake tantama shi ne jerin manya. In sun haura goma nakan kira uku na sama, in haɗa sauran da "iyayenmu da malamanmu".

Malamar lakwal: Malam, a Yamai wataƙila ya wuce. A garinmu wanda ba ka kira ba zai aiko a tambaye ka dalili.