Rarar wutar sola: yadda ake lissafin ribar

Na tattara abin da mutane suka faɗa kan masu tura rarar wutar sola zuwa layin kamfani, kuma kusan kowa ya tsaya a kan abu ɗaya, wato ka fara sanin farashin da kamfani ke karɓar rararka. Wani wurin yunit ɗaya da ka tura yana goge yunit ɗaya da ka saya, wani wurin kuma suna sayen taka da araha su sayar maka da tsada, to nan lissafi ke canzawa.

Wani ya kawo misali, a ce sola ta samar da yunit 400 a wata, gida ya sha 250 nan take, 150 suka fita, da dare kuma ka jawo 200 daga layi. In yunit-da-yunit ne kuɗin 50 kawai za ka biya maimakon na 450 da za ka biya in babu sola, ka tsira da 400 kenan. In kuwa rabin farashi suke ba ka, 150 ɗin nan darajar 75 ce, sai ka biya na 125, ribarka ta koma 325. Shi ya sa aka ce wanki da guga da famfon ruwa a mayar da su tsakar rana.

Abin da ya fi damuna shi ne mita, dole ta zama mai ƙirga shiga da fita daban-daban, don wasu mitocin suna ƙirga abin da ka tura kamar sha ka yi, in ka ga bil ya hau bayan sa sola to duba nan. Kuɗin wata-wata na haɗin layi shi ma rara ba ta cika goge shi ba, kuma ka tambaya ko rarar da ta taru tana wucewa wata na gaba ko ƙonewa take a ƙarshen shekara.