An yi wa Baba allurar nimoniya, amma ta sake kwantar da shi

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 71, kuma ya daɗe yana fama da ciwon toshewar hanyoyin numfashi da likitoci ke rubutawa COPD, sakamakon tabar da ya sha a ƙuruciya. Shekara uku da suka wuce an yi masa allurar rigakafi, a katinsa an rubuta PPSV23, amma bara nimoniya ta kwantar da shi kwana tara a asibiti. Yanzu likita ya ce a ƙara masa wata mai suna PCV20, shi kuma Baba ya ce ba za a sake huda masa hannu a banza ba. Ta farkon ce ba ta yi aiki ba? Idan an yi sabuwar, za mu iya barin allurar mura?

Wani ɗan'uwa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, a ganina kuskuren naku ne, domin irin wannan allura duk shekara ake sabunta ta. Mahaifiyata ba ta taɓa tsallake shekara ba, kuma har yau ba a kwantar da ita ba.

Wata ma'aikaciyar jinya: Allah ya ƙara wa Mama lafiya, amma wadda ake maimaitawa duk shekara allurar mura ce, saboda ƙwayar mura tana sauya kama. Wannan daban take.

'Yar'uwa, sunan da muke kiran allurar da shi ne yake rikita mutane. Nimoniya ba cuta ɗaya ba ce, yanayi ne da huhu ke shiga idan ya kumbura ya tara ruwa, kuma ƙwayoyin cuta da yawa suna haddasa shi. Allurar da aka yi wa Baba tana koya wa jiki gane bakteriya guda ɗaya tak, wato numokokus, ita ma ba dukkan danginta ba, domin tana da iri fiye da 90, kowanne da nasa ɓawon da ya lulluɓe shi. Lambar da kike gani a ƙarshen sunan ita ce adadin ire-iren da aka zuba a ciki: 23 a ta farko, 20 a wadda ake son yi masa. Saboda haka ki duba takardar sallamarsa ta bara, ki ga ko an auna majinarsa ko jininsa an gano ƙwayar da ta kama shi. Sau da yawa ba a gano komai, musamman idan an fara ba mutum maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗebi samfurin. Idan ba a gano ba, babu wanda zai iya cewa allurar ta gaza, domin mai yiwuwa abin da ya kwantar da shi ba ya cikin aikinta tun farko.

Za ki ce to me ya sa za a koma daga 23 zuwa 20? Bambancin ba a yawa yake ba, hasali ma iri 19 duk suna cikin allurorin biyu. Bambancin yana wurin yadda aka haɗa su. Tsohuwar ɓawon ƙwayar ne zalla, jiki yana amsa shi amma ba ya riƙe shi a ƙwaƙwalwar garkuwa sosai, shi ya sa ƙarfinta yake raguwa bayan 'yan shekaru, kuma ta fi tasiri wajen hana ƙwayar shiga jini ko haddasa sanƙarau fiye da kare huhun kansa. A sabuwar an ɗaure ɓawon ne a jikin wani furotin, wanda yake sa garkuwar jiki ta riƙe shi na tsawon lokaci. Ƙa'idar hukumar CDC ta Amurka ita ce wanda aka yi wa PPSV23 kaɗai a ba shi irin wannan sabuwar sau ɗaya bayan aƙalla shekara guda, kuma Baba ya wuce wannan tazarar. Ƙasashe sun bambanta a jadawali, amma shawarar likitanku tana kan hanya.

Kada dai ki yi wa Baba alkawarin da allurar ba za ta cika ba. A babban gwajin da aka yi a ƙasar Holan kan tsofaffi kusan 85,000, wanda aka wallafa a 2015, an yi amfani da PCV13, yayar wannan. Ta rage nimoniyar da ire-iren da ke cikinta ke jawowa da kusan kashi 45 cikin ɗari, ta rage mai shiga jini da kashi 75, amma da aka haɗa nimoniya ta kowane dalili, ragin bai taka kara ya karya ba. Ni idan ina yi wa tsoho bayani nakan ce masa ba za ta hana shi tari ba, aikinta shi ne rage haɗarin irin ciwon da ke zuwa da rawar ɗari da zazzaɓi mai zafi, ya bi jini cikin kwana ɗaya ko biyu.

Allurar mura kuwa ba za ku bar ta ba. Allurar numokokus ba ta taɓa mura, ba ta taɓa korona, ƙwayar RSV mai kama hanyoyin numfashi ko tarin fuka, haka kuma ba ta hana nimoniyar da ke biyo bayan ƙwarewa, inda abinci ko yawu ke zarcewa huhu. Mura ce ma take share wa numokokus hanya, domin tana goge rufin hanyoyin numfashi. Ana iya yin biyun rana ɗaya, kowacce a hannu daban.

Wani dattijo: Ni ma ina da wannan ciwo, kuma ina shaƙar inhela mai sitiroyid safe da yamma. An taɓa gaya mini cewa mai shan irin wannan magani bai kamata a yi masa rigakafi ba, domin garkuwarsa ta yi rauni kuma allurar tana iya sa masa cutar. Shi ya sa har yau ban yi ba.

Ma'aikaciyar jinya: Baba, wannan gargaɗin ya shafi allurorin da ke ɗauke da ƙwaya mai rai ne, ita kuwa wannan babu abu mai rai a cikinta, ba za ta iya haifar da ciwon ba. Inhela mai sitiroyid ma tana ɗan ƙara haɗarin nimoniya ga masu COPD, wanda hakan dalili ne na a yi allurar. Kada dai a daina shaƙar sai da izinin likita. Abin da ke sa a ɗage allurar shi ne idan mutum yana tsakiyar tashin ciwo, da zazzaɓi ko majina mai launin kore, sai a jira ya murmure. Wanda kuma wata allurar ta taɓa kumbura masa fuska ko ta sarƙe masa numfashi, ya faɗa kafin a soma. Ciwon dantse da kasala na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne, kuma kariyar tana ɗaukar mako biyu zuwa uku kafin ta kankama.

Wata 'yar'uwa: Mahaifina ya yi sabuwar, kuma ni na lura tashin ciwonsa ya ragu a wannan shekarar. Sai dai a lokacin ne ya daina taba, don haka ban san wanne zan gode wa ba.

Ma'aikaciyar jinya: Da wuya a raba su. Yawancin tashin ciwon ƙwayoyin mura ne da wasu bakteriya na daban ke tayar da shi, saboda haka ni barin tabar zan fi jingina wa, ko da yake ba zan ce allurar ba ta da hannu ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na duba takardar sallamar, an rubuta cewa babu abin da ya tsiro a gwajin majinar. Na karanta wa Baba bayanin, ya ce zai yi tunani, amma ya tambaya ko za a yi masa a hannun hagu, domin da dama yake riƙe sanda.