Ina so in aje aiki in kama kasuwanci, nawa ya kamata in tanada a gefe?

Sani Zariya: Salamu alaikum ƴan uwa, shawara nike nema. Ina aiki wani kamfani nan Maradi, albashina jika 180. Sabon shugaban da anka kawo muna ba ya ganin girman kowa, ran nan gaban yaran da ni na koya ma aiki ya daka mani tsawa kan takarda guda, Asabar ma sai ya kira ka, in ka ce kana wurin biki ya ce bikin ne ke biyanka? Wallahi na gaji. Ina taɓa sayen wake da kaka, bara na aje buhu 120 na samu ribar kusan miliyan guda. Ina da jika 600 a gefe, gida kuma jika 120 ke isar mu a wata. In aje aikin kafin kakar bana ko in ƙara haƙuri?

Musa Bagalam: Aje shi kawai. Duk alhazan garin nan wa ka gani da albashi? Wanda ke da kuɗin cin wata shida a hannu ya isa ya fita, kai kana da na wata biyar, saura kaɗan. Allah ke ciyarwa.

Alhaji Idi Kadro: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a kai ga ajewa, nawa ka sayi buhu, nawa ka saida?

Sani Zariya: Jika 22 na saya Alhaji, na saida 30.

Alhaji Idi Kadro: To jika 8 sau 120, jika 960 ke nan, ita ce kake kira miliyan. Amma wannan ba riba ba ce tukuna. Buhun leda mai ruɓi ukku don ƙwari, kuɗin mota daga ƙauye, ƴan dako hawa da sauka, dillali, hayar magaza na watannin da kaya ke kwance, ga ramewar awo in wake ya bushe, ni ban taɓa ganin ya gaza jika 2 da rabi kan kowane buhu ba. Fidda 300, saura 660. Raba ta wata 12, jika 55 ke nan a wata. Kai kuma ana ba ka 180. Ribar waken nan ba ta kai kashi ɗaya cikin ukku na albashinka ba, kuma a shekarar da kasuwa ta yi kyau ke nan.

Sannan ina da tambaya. In gida 120 yake ci, kowane wata 60 na saura, a shekara 720. Ina suke?

Sani Zariya: Akwai kiredi na banki da na ɗauka na ƙara jari, ana cire 40 kowane wata, saura wata 14. Amma wannan ai ba matsala ba ce, cikin kaya kuɗin suke.

Alhaji Idi Kadro: Ita ce babbar matsalar. 40 sau 14, jika 560. Wato cikin 600 ɗin nan da kake cewa kana da su, 40 ne naka. Kuma banki don albashinka na shiga wurinsu sunka ba ka, ranar da ya daina shiga za su neme ka, ba ruwansu da wake bai tashi ba. Je ka karanta takardar da ka sa ma hannu, ka ga mi ta ce in mutum ya bar aiki.

Lissafin tanadi ba a yin shi da wata shida don an ji ana faɗi. Ana duba daga ranar da albashi ya tsaya zuwa ranar da kuɗin kaya za su dawo hannu. Mai shagon tireda kullum yana ganin ciniki, shi wata huɗu ko shida na iya riƙe shi. Mai ajiyar wake ya zuba kuɗi Oktoba ko Nuwamba, sai wajen Mayu ko Yuni zai gan su, wata takwas babu ko dala. Haɗa 120 da 40 na banki, ka sa ragon layya, kayan salla, asibiti, da kuɗin lakkol da ke faɗowa daidai lokacin da kake son kowane tamma ya shiga saye, za ka iske 175 a wata. Sau takwas miliyan 1 da jika 400. Ni sai in ce wata 12, miliyan 2 da jika 100, kuma ba a haɗa su da jari. In babu su, watan Fabrairu za ka fara fasa buhu kana saidawa don cefane, lokacin farashi bai motsa ba.

Rabi'u: Mi ya sa ba za ka nemi disfonibilite ba? Ka ɗauki shekara guda ba albashi, in kasuwa ta ƙi ka koma kujerarka.

Sani Zariya: Ni ba ma'aikacin gwamnati ba ne malam, kamfani ne, in ka fita ka fita.

Hajiya Balki: Ɗana ni abin da zan ce maka dangi. Lokacin da maigidana ya bar aiki ya buɗe magaza, kowa ya ɗauka ya zama attajiri, wannan tiya biyar sai kaka, wancan buhu guda sai ɗansa ya aiko daga Libiya, har yau littafin bashin na cikin akwatina, akwai ƙanen uwarsa da in mun haɗu wurin suna sai ya kau da kai kamar mu munka ci nashi. Shi bai iya cewa a'a, ni ce na zama muguwa. Amma Alhaji wata 12 ya yi yawa, wa ke iya tara wannan da albashi? Wata ukku ya isa in uwargida na da abin da take juyawa kullum.

Sani Zariya: Na gode Hajiya, ita tana saida ƙanƙara da lemu in akwai wuta. Alhaji lissafinka na ajiya ne kaɗai. In na samu lokacina ai ba zama zan yi ba, zan riƙa bin kasuwannin Chaduwa, Dakwaro da Tasawa ina juyawa kowane sati, in kai Jibiya ko Dawanau. Aikin ne ya ɗaure ni.

Musa Bagalam: Gaskiyarka. Kuɗi a juyi suke.

Alhaji Idi Kadro: Juyi da wane kuɗi? Wanda ke kwance cikin magaza ba ya zuwa Chaduwa. Ko ka aje ko ka juya, jarin guda ne. Kuma hanyar Dan Isa da kake dogara da ita, an rufe iyaka Agusta 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilu 2022, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 sai Maris 2024, a 2024 kuma gwamnatin Nijar ta hana fitar da cimaka har da wake. Ga naira, ka saida da riba a Kano ka canza zuwa sefa ka iske ta narke. Ni na san mutanen da kayansu sunka kwana biyu ba mai tayawa. Gwada juyin kana cikin aiki: ware jika 300, ka samu yaro amintacce, ka rubuta kowane sati. In wata shida a jere ya fidda maka 100 bayan duk ɗawainiya, kuma kiredi ya ƙare, zo mu yi maganar ajewa.

Rabi'u: Kuma ka leƙa CNSS ka ji watanni nawa anka zuba maka, kada ka fita saura kaɗan ka cika na fansho. Ka sani kuma wanda ya aje da kansa ba ya samun kuɗin sallama irin na wanda anka kora.

Sani Zariya: Yaro amintacce a ina Alhaji? Kuma wata 14 ƙarƙashin mutumen nan ba ku san abin da nike gani ba. Akwai filina na hanyar Madarunfa, in na saida shi ai ya biya banki har da saura.

Hajiya Balki: Filin kuma? Uwargida ta san da wannan maganar?

Musa Bagalam: Nawa kake so a filin, yana da takardu?