Wifin gidanmu ya koma tafiyar hawainiya, mi zan duba kafin in sake kiran kamfani?

Maman Iman:
Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah a taimaka mani. Muna unguwar Zariya, nan Maradi. Akwatin wifi gare mu, irin mai sim a ciki. Ƙanen maigidana ne ya kawo shi da hutun Sallah, da farko ma ni ban so ba saboda yara da kallon zane, sai dai maigida yana Agadas wurin aiki, da shi muke kiran bidiyo, kuma da shi nake tura wa masu saye hotunan atamfa da leshi. Sati uku ke nan abin ya lalace. Shekaranjiya wata Hajiya ta jira hotuna har ta gaji ta saya wurin wata, turmi huɗu na rasa, ban yi barci ba. Na kira kamfanin sau ɗaya, yarinyar ta yi ta jero mani tambayoyin da ban san amsarsu ba, kunya ta kama ni na kashe. Mi zan duba da kaina, kuma da wane zan fara?

Alhaji Na-Mokoyo:
Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, kada ki wahal da kanki. Duk kanwar ja ce. Ni wata biyar ina biyan jaka 15, na je ofishinsu sau uku, kullum "za mu turo yaro." Har yau yaron bai iso ba, ina jin a ƙasa yake tahowa daga Yamai.

Isuhu mai gyaran salula:
Alhaji, a yi haƙuri, bari mu fara ganin nata. Hajiya, abu biyu ne mutane ke haɗawa su kira wifi. Akwai hanyar da ke tsakanin wayarki da akwatin, wannan cikin gidanki take, kamfani ba ruwansa da ita. Akwai kuma wadda ke tsakanin akwatin da eriyar kamfani, wannan ce tasu. Duk tambayoyin da yarinyar ta yi maki, so take ta san wace ce ta lalace a cikin biyun.

Ki fara da abin da ba ya cin sisi. Wayarki kaɗai ke nawa, ko duk na gidan? In taki ce kaɗai, magana ta ƙare, kawo mani ita kasuwa, wataƙila ta cika ne ko wani abu na sauka a ɓoye. In duka ne, sai ki duba forfe. Akwai forfen da ake cewa ba shi da iyaka, amma in kin ci wani adadi na jiga sai a rage maki gudu har ƙarshen wata. Na sha ganin mutum ya ɗauko akwati a kabu-kabu ya kawo gyara, alhali jiga ce ta ƙare.

In forfe lafiya lau, sai ki zare akwatin daga wuta, ki ƙirga talatin, ki mayar, ki ba shi minti biyu ko uku ya kama rezo. Ki gaya mani abin da kika gani kafin mu ci gaba.

Maman Iman:
Duka ne, har ta uwar miji. Forfe ba ni ke sakawa ba, maigida ne ke turowa daga can, ya ce akwai saura. Kashewa kuwa, ai kullum sai an ɗauke kuran sau biyu sau uku, ba shi ne kashewar ba?

Isuhu mai gyaran salula:
Shi ne, in akwatin ba mai batir ba ne. In mai batir ne, bai taɓa mutuwa ba ke nan. Kuma "akwai saura" ba amsa ba ce, Hajiya. Saura nawa, cikin nawa? Ya turo maki hoton saƙon.

Abdul Rasta:
Ku bar dogon zance. Anti, bayan akwatin akwai ɗan rami da aka rubuta RESET. Sa tsinken sakace ki danna na daƙiƙa goma, ya dawo sabo fil. Sannan ki shiga sunan wifin da ke ƙarewa da 5G, ya ninka 4G gudu. Ni haka na yi, yanzu ko bal nake kallo ba ya tsayawa.

Isuhu mai gyaran salula:
Hajiya, kada ki taɓa ramin nan yanzu. Yana goge duk saitin da aka yi, sunan wifi da kod su koma na takardar da ke manne a gindin akwatin, wani lokaci har saitin sim ɗin ya tafi, ki wayi gari ba intanet gaba ɗaya. Wannan shi ne na ƙarshe, bayan kamfani sun ce a yi.

Abdul, 5G ɗin da ka gani a suna ba na eriya ba ne, 5 GHz ne, layi na biyu na wifin cikin gida. Gaskiya ne ya fi gudu in kana ɗaki ɗaya da akwatin. Amma bango ya fi tare shi. Ka tsallake bangon siminti biyu ka gani, na 2.4 GHz ne zai kai ka.

Abdul Rasta:
To ni dai ya yi mani aiki. Kuma in ta danna, duk ɓarayin kod za su fita, ko ƙarya ne?

Isuhu mai gyaran salula:
Za su fita, wannan gaskiyarka. Amma ba a rushe ɗaki don a kori ɓera, canza kod ya isa.

Hajiya, ga mataki na gaba, awo. Buɗe Chrome ki rubuta fast.com, ki jira lambar ta tsaya, ita ce gudun intanet ɗinki, da Mbps ake auna shi. Ki auna sau ɗaya kina tsaye gab da akwatin, ki sake aunawa a ɗakin da kike zama. Ki yi haka da safe, ki maimaita bayan isha'i. Lamba huɗu ke nan. Kada ki yi ta maimaitawa, awon kansa yana cin jiga.

Rabi ta Bagalam:
Ni ma tawa wayar in na sa caji sai ta yi zafi kamar dutsen guga, ta ƙi buɗe komai. Malam Isuhu, batir ne ko? Nawa kuke sakawa?

Maman Iman:
Na yi. Da safe ƙarfe 7, kusa da shi 14 Mbps, a ɗakina 2.1. Da dare ƙarfe 9, kusa da shi 1.3, a ɗakina ma ƙin buɗewa ya yi. Da na ce kusa da shi, sai da na buɗe kabad ɗin tukuna.

Isuhu mai gyaran salula:
Wane kabad?

Maman Iman:
Na ƙarfe da ke falo, inda muke ajiye talabijin. Tun ranar da Iman ta jawo shi ya faɗi na kulle shi a ciki.

Isuhu mai gyaran salula:
Yaushe ke nan? Kada dai ki ce mani sati uku.

Ga abin da lambobinki suka ce. Da safe kamfani ya kawo maki 14 har falo. Wannan ya ishe ki, bidiyon YouTube mai 720p kamar 2.5 yake buƙata, hotunan atamfa kuwa ba komai ba ne a wurinsa. Kuma ya nuna ba rage maki gudu aka yi don forfe ba, da an rage, da safe ma ba za ki ga 14 ba. Amma daga falo zuwa ɗakinki 14 ta koma 2, wannan asarar a cikin gidanki aka yi ta. Ƙarfe yana tare rezo mai shigowa, yana tare wifi mai fita. Ga zafi, a watan Afirilu garin nan yana wuce 40, ke kuma kin rufe shi da talabijin babu iska. Taɓa shi da rana ki ji. Ki fitar da shi, a kafa ɗan katako a sama kusa da taga, inda hannun Iman ba ya kaiwa. Ki lura da sandunan rezo da ke gabansa, ki gwada taga biyu, wadda ta fi ba da sanduna nan ne gidansa.

Na dare kuma wata matsala ce daban, tunda kina gabansa kika samu 1.3. Ko dai mutane sun yi yawa a kan akwatinki, ko sun yi yawa a kan eriyar unguwa.

Maman Iman:
Malam Isuhu, kabad ɗin nan yana da ramuka a baya, ba a rufe yake ruf ba. Kuma ranar da ya faɗi ba ni da tabbas, zai kai wata. In na sa shi a taga, ƙurar Maradi fa? Kuma duk mai shigowa sai ya gan shi ya ce a ba shi kod.

Malama Zainabu:
Maman Iman, maganarki ta ƙarshe ita ce maganar. Mu a gidanmu mutum biyar ne, da ɗana ya duba sai ga waya goma sha bakwai. Ba ma sai kin ba da kod ba, wayoyin yanzu wanda ya shiga yana iya nuna wa abokinsa ɗan hoton nan mai murabba'i, ya ɗauka ya shige. Na canza kod, maƙwabciyata ta yi sati ba ta amsa gaisuwata da kyau. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, ita da ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa ga dala ba.

Isuhu mai gyaran salula:
Haka ake dubawa. Juya akwatin, a takardar akwai adireshi, yawanci 192.168.8.1 ko 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, da suna da kod na shiga. Kina kan wifin ki rubuta adireshin a Chrome, ki nemi wurin da aka jera wayoyin da ke ciki. Da dare za ki duba, ba da safe ba.

Maman Iman:
Goma sha ɗaya na gani. Na san shida. Sauran ina zaton yaran gidan yayar maigida ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Waɗannan ba zan iya cire su ba, wallahi sai a ce na raba zumunci a kan wifi. Kuma ai da ma suna ciki tun Sallah, lokacin lafiya lau yake.

Alhaji Na-Mokoyo:
Kun ji ko! Tun Sallah suna ciki lafiya lau. Na ce maku kamfani ne. Da dare kowa na kan waya daga Zariya har Ali Ɗan Tsoho, eriya ɗaya ta ɗauki gari guda? Ni ko mutum ɗaya babu a nawa, amma da an yi isha'i sai ya kwanta.

Isuhu mai gyaran salula:
Mai yiwuwa Alhaji ya yi daidai, amma ba mu da shaida tukuna. Hajiya, ba sai kin yi faɗa da kowa ba. Ƙarfe 9 na dare ki kashe akwatin, ki cire sim ɗin ki sa a wayarki, ki tsaya tsakar gida ki auna. In bai shiga ramin wayar ba, ko forfen na akwati ne kaɗai, to ki canza kod na minti goma, ki auna ke kaɗai, ki mayar da tsohon, wayoyinsu za su koma da kansu. In lamba ta tashi ta kai goma, yaran ne. In ta tsaya a 1 da wani abu, eriya ce, a lokacin ki kira. Ki ce masu, unguwa kaza, lambar sim kaza, da safe 14, da dare 1.3, dare uku a jere, waya ɗaya ce a kai, na kashe na kunna. Ki nemi su ba ki lambar ƙorafin ki rubuta.

Abdul Rasta:
Duk wannan wahalar, tsinke ɗaya ya gama ta.

Maman Iman:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Canza kod ɗin dai ina tsoro, in na kasa mayarwa maigida zai ce na lalata. Na gaya masa batun taga, ya ce a bar shi inda yake har ya zo ƙarshen wata. Yanzu dai ina barin ƙofar kabad a buɗe in Iman ta yi barci, hotuna kuma da asuba nake turawa. Ko in kira su gobe haka nan, tunda yanzu ina da lambobi?

Rabi ta Bagalam:
Malam Isuhu, ba ka ba ni amsar batir ba.