Muhawara: In zinariya ta fasa rufi, a bi ta nan take ko a jira ta dawo?

Nasiru (Jidda): Salamu alaikum. Wanda ya fara nuna mini harkar nan ya ce duk ranar da farashi ya fasa rufi, wato ya haura matakin da ya daɗe yana kasa wucewa, saye kawai ake yi. Sau uku ke nan ina bin maganarsa a XAUUSD, wato cinikin zinariya da dala, sau ukun ina shiga sai ta juyo. Yanzu wani ya ce in riƙa jiran ritest. Wanne ne gaskiya?

Auwalu (Jidda): Wa alaikumus salam. Na biyun ne mai gaskiya. Birekawut, wato fasa rufin nan, tarkon dillalai ne, suna kallon inda ka ajiye sitof ɗinka, odar da ke fitar da kai don tsayar da asara, su je su ɗauke. Ka jira ritest, farashi dole ya dawo ya taɓa wurin da ya fasa. Dole ne.

Malam Habibu (Riyad): Auwalu, rabin maganarka na karɓa, amma "dole" ɗin nan ka cire ta. Zancen dillali kuma, kasuwar zinariya ta fi ƙarfin a motsa ta saboda sitof ɗin Nasiru. Abin da ke faruwa ya fi haka sauƙi.

Ku tuna farashin dala 2075 a kan oza ɗaya. Zinariya ta je wajen a Agustan 2020 ta dawo, ta sake zuwa kusa da shi a Maris 2022 ta dawo, haka ma a Mayun 2023. Shekara uku kowa na kallon layi ɗaya. To me ke jibge a bisansa? Wanda ya sayar a ƙasan layin, sitof ɗinsa na sama, kuma sitof ɗin mai sayarwa odar saye ce. Mai jiran fashewa shi ma ya ajiye Buy Stop a wurin, odar da ke saye da kanta in farashi ya hau ya kai nan. Duk odar saye ce, ta taru a tsukin wuri ɗaya kamar busasshiyar ciyawa.

Ranar Litinin 4 ga Disamba 2023 aka buɗe kasuwa, wajen ƙarfe biyun dare a nan Saudiyya. Landan na barci, Amurka daren Lahadi ne, masu ciniki kaɗan. Farashi ya taɓa ciyawar nan ta kama, ya haura 2130 cikin ɗan lokaci. Ina zaune a lokacin da kofin shayi, ina kallon kyandir ɗin da ke nuna motsin farashi yana miƙewa a waya, hannuna har rawa yake don in danna saye.

Nasiru: To ai fashewa ke nan, Malam. Dala sama da hamsin a kan layin.

Malam Habibu: Tambayi kanka wa ya saya. Yawancinsu mutane ne da aka tilasta wa fita daga asara, da masu odar da ke tashi da kanta. Waɗannan sau ɗaya suke saye, sun gama. In babu sabon kuɗi da zai biyo bayansu ya yarda da sabon farashin, hawan ya ƙare. Sannan mai babban kaya da ya daɗe yana son sayarwa, ina zai samu masu saye da yawa lokaci guda in ba a nan ba? Sai ya sauke musu.

A ranar nan kasuwa ta rufe kusa da 2030. Wanda ya saya a 2100 ko 2120 yanzu yana ƙasan ruwa, sitof ɗinsa kuma odar sayarwa ce, sai ta ƙara tura farashin ƙasa. Cikin kamar mako ɗaya an gangara ƙasa da 2000. Kyandir ɗin ranar, in ka buɗe D1, inda kowane kyandir rana guda ne, doguwar lagwani ce a sama, jikin kuma ya rufe can ƙasan tsohon layin. Wanda ya ce sai ya ga inda rana ta rufe, bai shiga ba sam.

Hajiya Rabi (Makka): Ni fa 'ya'yana ban gane ba. Sarƙa da awarwaro nake saya wa mata 'yan Umra, in an ce giram ya tashi yau, kuna nufin in bari sai ya sauko tukuna? Baƙuwar da jirginta ke tashi jibi ba ta jira.

Malam Habibu: A'a Hajiya, naki daban ne. Ke kina da mai saye a tsaye, ribarki tana tsakanin kuɗin da kika biya mai shago da wanda za ki karɓa, ga kuɗin ƙira a ciki. Mu muna maganar wanda zai saya ya riƙe, yana fatan farashin ya ci gaba da hawa.

Hajiya Rabi: To madalla. Amma wannan zinariyar taku ta cikin waya da ba a riƙe ta a hannu, ku dai tambayi malamai a kanta.

Malam Habibu: Gaskiya ne Hajiya, Allah ya saka da alheri. Shi ya sa ma lissafin da zan yi wa Nasiru zan yi shi da hannun jari na Tadawul, kasuwar hannun jarin Saudiyya, wanda mutum ke saye da kuɗinsa ba bashi.

Nasiru, a ce wani kamfani ya yi wata huɗu yana kai-komo tsakanin riyal 26 da riyal 30. Misali ne nake ba ka. Ranar Talata ya fasa, ka gan shi a 31.20. In fashewar ƙarya ce, ina za ka tabbatar? Sai ya koma cikin tsohon ɗakinsa, a ce 29.40. Nan ne mazaunin sitof, ko da wane farashi ka shiga, domin wurin ne ke nuna ka yi kuskure. Inda ake sa rai kuma, mutane kan ɗauki tsayin ɗakin, riyal huɗu, su ɗora a kan rufin, ya ba da 34.

In ka saya a 31.20, kana kasadar riyal 1.80 a kan kowane hannun jari don neman 2.80. In ka yi haƙuri ya sauko ya taka 30 ya tsaya, ka shiga a 30.30, kasadarka halala 90 ce kawai, abin nema kuma 3.70. Yanzu a ce abin da za ka iya jure asararsa riyal 450 ne. A shigar farko hannun jari 250 za ka iya ɗauka, in ya kai 34 ka samu riyal 700. A ta biyu za ka ɗauki 500, ka samu 1,850. Asara ɗaya ce a duka biyun in abin ya ɓaci. Sai dai ka lura, 500 ɗin nan sun fi riyal dubu goma sha biyar, in ba ka da su ka ɗauki abin da aljihunka ya kai.

Nasiru: Wallahi kuskurena na gani. Ni in na shiga a sama, sai in ga sitof ya yi nisa, sai in matso da shi ƙarƙashin inda na saya kaɗan.

Malam Habibu: To ka ajiye shi daidai kan hanyar da farashi zai bi ya dawo gwaji. Ko fashewar ta gaskiya ce sai ta fitar da kai kafin ta wuce. Koma ka duba ukun nan naka, zan so in san nawa ne suka faɗi da gaske, nawa ne suka dawo kawai suka sake tashi babu kai.

Auwalu: Ai abin da na faɗa ke nan. Sa Buy Limit, odar da ke jiran farashi ya sauko ta saya, a kan layin ka je ka kwanta.

Malam Habibu: Nan ma ban bi ka ba. Wanda ya ajiye Buy Limit a 2075 a ranar 4 ga Disamba, an cika masa oda, farashi ya ratsa ta kansa ya yi ƙasa. Dawowa kan layi ba ita ce shaida ba, fashewar ƙarya ma ta nan take bi. Shaidar ita ce abin da ya yi da ya iso. Ni ina son in ga ya sauko a hankali, da ƙananan kyandirori, ciniki ya ragu idan aka kwatanta da ranar fashewa. Ya taɓa wurin, ko ya ɗan nutsa ƙasa, sannan kyandir ya rufe a sama. Dalilinsa kuwa, waɗanda suka sayar a 30 suna nadama suna son mayar da kayansu, waɗanda jirgi ya bari suna jira a wurin. In suna nan da gaske za ka ga sawunsu. In ya sauko da babban jan kyandir ya rufe a cikin ɗakin, ka rufe wayar.

A Tadawul wannan ya fi sauƙin gani, don yawan hannun jarin da aka yi cinikinsu na gaske ne. Abin da manhajar ciniki ta MT5 ke nuna maka a XAUUSD galibi ƙidayar motsin farashi ne a wajen dillalinka kawai.

Bashir (Madina): Malam, da girmamawa, ni jiran nan ya cuce ni, kuma a kan wannan layin dai. Bayan abin da ya faru a Disamba na yi alkawarin ba zan ƙara bin fashewa ba. Ranar Juma'a 1 ga Maris 2024 zinariya ta rufe sama da 2080. Na ce Litinin za ta dawo. Litinin ta wuce 2100. Kafin mu kama azumi ta kusa 2200. Da ta ɗan ja baya a tsakiyar wata, wajen 2150 ta tsaya, ni kuma odata na can 2080. Bayan ƙaramar salla da kwana biyu ta haura 2400. Kullum bayan tarawihi sai na buɗe waya in ga odar nan tana zaune. Har na goge ta ba a taɓa ta ba.

Auwalu: Wannan sau ɗaya ne ai.

Bashir: Sau ɗayan da ya fi duk sauran girma, Auwalu. Kuma abin da na lura, waɗanda suka fi ƙarfi su ne ba sa waiwaye. In kullum ritest kake jira, masu rauni ne za su riƙa zuwa maka, masu ƙarfin su tafi.

Malam Habibu: Ba zan musa ba, wannan shi ne kuɗin da mai jira ke biya, kuma ni ma na sha biyansa. Amma dubi bambancin ranakun biyu. A Disamba lagwani ce ta haura, da tsakar dare, rana ta rufe a ƙasa. A Maris rana ta rufe a sama, mako ma ya rufe a sama, Litinin ta ƙara. Tun daga nan ni na koma raba kuɗina: in rana ta rufe sosai a kan layi, in shiga da kashi ɗaya cikin uku, sauran in ajiye wa dawowa.

Bashir: Kashi ɗaya cikin uku a tafiyar dala ɗari uku, zuciya ba za ta kwanta ba. Ni yanzu rabi nake sawa.

Malam Habibu: Rabi da sitof mai nisa, ka lissafa abin da zai ci maka in an yi irin ta Disamba sau uku a jere. Ni ban iya ɗauka.

Nasiru: Na duba, Malam. Biyu sun koma ƙasan layin sun rufe a can. Na ukun ya sauko ya cinye sitof ɗina da dala biyu, sannan ya tashi. Amma duka ukun a M15 na ja layukan. Rufewar kyandir na minti goma sha biyar ita ma ana ƙirga ta, ko sai D1?

Auwalu: Ana ƙirgawa mana, ni a kanta nake aiki.

Malam Habibu: Layin da ya yi awa uku ba mutane ɗaya ke kallonsa da wanda ya yi shekara uku ba. Turo hoton na ukun in gani bayan Isha, ka nuna inda ka ja layin da ƙarfe nawa ka shiga.