Ku taimaka min da mabuɗin jawabin maraba

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku agaza min. Ran Asabar za mu yaye ɗalibai 42 a makarantarmu nan Gombe, hedimasta ya ce ni zan yi jawabin maraba, minti biyu kacal. Na rubuta sallama da godiya ga Allah, daga nan na cije. In na fara jero manyan baƙi, hakimi, shugaban taro, malamai, wallahi minti guda ya tafi ban ambaci yaran ba, alhali ranarsu ce. Iyaye mata kuma suna can bayan rumfa, su na fi so su ji an yi da su. Shin in na gaida hakimi da shugaban taro kaɗai, na ce "sauran manyan baƙi kowa da girmansa", ba za a ga raini ba? Wace jimla zan sa bayanta in shigo da yaran?